Sikirinshot Ya Ƙi Zama: Wuri Ne Ya Ƙare, Ko Folda Ce Ta Rufe Ƙofa?

Ka tura kuɗi, shaidar biya ta fito a kan allo, ka danna maɓallin kunna waya da na rage sauti a tare. Allon ya yi ɗan walƙiyar nan da ya saba yi, amma da ka leƙa wurin hotuna sai ka tarar babu komai. Wani lokaci wayar kan yi maka bayani da gajeren saƙo a sama, wani lokacin kuwa shiru za ka ji. Abu na farko da yawancinmu muke yi shi ne mu hau goge hotuna, na biki da na suna da na 'ya'ya, da tunanin cewa memori ne ya cika. Sau da yawa haka ɗin ne. Amma akwai lokacin da wuri yana nan a yalwace, foldar da ake zuba hoton ce ta ƙi karɓa, kuma ko ka goge duk abin da ka mallaka matsalar ba za ta motsa ba. Minti biyu sun isa mutum ya gane wanne ne ya same shi kafin ya yi asarar abin da ba zai dawo ba.

Ɗaukar sikirinshot aiki biyu ne da ake yi a jere, cikin saurin da ke sa mu ɗauka abu ɗaya ne. Na farko, na'urar tana kwafe duk ɗigon launin da ke kan allo ta riƙe shi a ƙwaƙwalwarta ta wucin gadi, wadda ake kira RAM. Allon waya mai ɗigo 720 a faɗi da 1600 a tsawo yana da ɗigo 1,152,000, kuma idan kowanne ya ci bait huɗu, hoton yana kaiwa kusan 4.6 MB a wannan mataki. Na biyu, sai ta matse hoton ya koma ƙaramin fayil, galibi PNG ko JPG, ta rubuta shi a cikin wata folda. Bayan matsewa, shafin rubutu zalla kan tsaya a 'yan ɗaruruwan KB, mai hotuna da launuka kuwa ya kai 1 MB ko 2 MB. Walƙiyar da kake gani shaida ce ta aikin farko kawai. Aiki na biyu shi ne mai bukatar abu biyu: wurin da za a rubuta, da izinin rubutawa. Kamar manomi ne da ya kawo damin gero gida. Ko dai ya tarar rumbu ya cika, ko ya tarar da shi a kulle, kuma maganin wannan ba ya yi wa wancan.

Saƙon da wayar ta fito da shi yana da amfani ƙwarai, don haka a daure a karanta shi kafin ya ɓace. A wayoyin Android, idan ka ga "Couldn't save screenshot" tare da maganar "limited storage space", wayar tana cewa wuri ne babu. Tsofaffin wayoyi kan ce "Storage may be in use", wanda ke nufin ta je rubutawa ta kasa, ba tare da ta faɗi dalili ba. Akwai kuma na uku da ba shi da alaƙa da waɗannan biyun: "Taking screenshots isn't allowed by the app or your organization", ko a wayoyin Samsung "Can't take screenshot due to security policy". Wannan manhajar da kake ciki ce ta hana ɗaukar hoton tun daga farko, kamar yadda wasu manhajojin banki da shafin sirri na burauza suke yi da gangan. Gane shi ba wuya: koma fuskar farko ta wayar ka sake gwadawa. Idan ya ɗauku a can, memorinka da foldarka lafiyarsu ƙalau.

Wayar da ta cika

Bari mu ɗauki misali mu bi shi daki-daki. A ce wata baiwar Allah ce mai sayar da atamfa da leshi ta WhatsApp, wayarta mai 32 GB. Kwanaki da dama tana ganin sanarwar "Storage space running out" tana share ta da yatsa. Android kan fara wannan gargaɗi ne idan abin da ya rage ya sauko kusan 500 MB, wato da sauran ɗan lokaci. Amma tana cikin zaurukan WhatsApp masu yawa, kuma kowane bidiyo da aka turo yana sauka da kansa. Wata safiya sai sikirinshot ya ƙi zama.

Ta shiga Settings, ta danna Storage. A misalinmu, a ce ta ga an ci 31.9 GB cikin 32: tsarin wayar kansa ya riƙe 9 GB, manhajoji 8 GB, bidiyo 10 GB, hotuna 4 GB, sauran kuma sauti da takardu. Ba sai an yi dogon bincike ba, wuri ne ya ƙare. Sai ta zaɓi hotuna 300 ta goge, ta dawo ta sake gwadawa, abin ya sake ƙi.

Dalilai biyu ne suka haɗu a nan, kuma su ne suka fi wahalar da mutane. Na ɗaya, hotunan da ta goge ba su bar wayar ba. Manhajojin hotuna na yanzu suna da kwandon shara, mai suna Trash ko Bin ko Recently deleted, inda abin da aka goge yake zama kimanin kwana 30 ko da mai shi zai canza shawara. Muddin yana cikin kwandon, yana nan zaune a kan wurinsa. Sai an shiga kwandon an zubar da shi sannan wurin yake buɗewa. IPhone ma haka take yi. Na biyu, ko da ta zubar, abin da za ta samu kaɗan ne. WhatsApp yana matse hoto kafin ya aika, har ya zama yawancinsu ba su wuce 100 KB zuwa 200 KB ba. Hotuna 300 masu 150 KB duka-duka 45 MB ne. Fim guda ɗaya da aka tura mata ta Xender zai iya kai 700 MB, wato ya fi waɗannan hotunan gaba ɗaya sau goma sha biyar. Ta ɓata lokaci, ta rabu da hotunan da take so, alhali abin da ya cinye wurin yana can ba a taɓa shi ba.

Shi ya sa nake ganin ƙa'idar sharar waya ita ce a bi girma, a bar yawa. WhatsApp da kansa ya sauƙaƙa wannan. A cikin Settings ɗinsa akwai Storage and data, sannan Manage storage, inda yake ware fayilolin da suka haura 5 MB da kuma waɗanda aka yi ta turawa hannu zuwa hannu, yana kuma jera zauruka bisa yawan wurin da kowanne ya ci. A nan ne mai atamfarmu za ta ga zaure guda ya riƙe 2 GB na bidiyon da ba ta ma kalla ba. Akwai kuma wani lungu da wurin hotuna ba ya nunawa. A wayoyi masu Android 11 zuwa sama, kayan WhatsApp suna zaune a wannan hanya:

```
Android/media/com.whatsapp/WhatsApp/Media
```

A cikin WhatsApp Video da WhatsApp Images akwai ƙaramar folda mai suna Sent, wadda ke riƙe kwafin abin da mutum ya aika. Ga mai kasuwanci da ke tura bidiyon kaya kullum, wannan folda kan yi nauyi sosai ba tare da ta sani ba, domin ainihin bidiyon yana wurin hotunan kyamara, kwafinsa kuma yana nan. Idan aka goge na Sent, saƙon da ke cikin hira ba zai ƙara buɗewa ba, amma na asalin yana nan.

Gargaɗi ɗaya wanda ba na son a yi wasa da shi. A shafin kowace manhaja akwai maɓallai biyu dab da juna: Clear cache, da Clear data ko Clear storage. Na farko tarkacen wucin gadi yake sharewa, ba shi da haɗari, kuma a burauza ko Facebook ko TikTok yana iya dawo maka da ɗaruruwan MB. Na biyu yana mayar da manhajar kamar yau aka sauke ta. Wanda ya danna shi a kan WhatsApp ba tare da ajiyar hirarrakinsa ba, zai iya rasa su. Idan ka kai waya wurin mai gyara, a Farm Centre ta Kano ne ko a bakin kasuwar garinku, ka ce masa a fili kada ya taɓa wannan maɓallin, kada kuma ya yi wa wayar fomat a kan matsalar da sharar bidiyo goma za ta warware.

Bayan shara, a tabbatar an samu aƙalla 1 GB a sarari, 2 GB ya fi. Sikirinshot ɗin kansa bai kai haka ba, amma ba shi kaɗai ke bukatar wuri ba. Sauran manhajoji suna ta rubuce-rubucensu a bayan fage, kuma 100 MB da ka samar yanzu na iya ƙarewa kafin la'asar. A koma Storage and data, a ƙarƙashin Media auto-download, a cire alamar bidiyo, domin ta nan ruwan yake shigowa. Katin memori kuwa, mutane da yawa suna mamakin yadda katinsu yake da 20 GB babu komai amma wayar tana kukan rashin wuri. Yawancin wayoyi a ma'adanar ciki suke ajiye sikirinshot ko da akwai kati. Amfanin katin shi ne ka kwashe finafinai da waƙoƙi ka mayar can, ka sarara wa cikin wayar.

Wuri yana nan, amma ya ƙi

Idan Storage ya nuna akwai 5 GB ko 10 GB a buɗe, kuma sikirinshot ya ƙi zama har a fuskar farko ta waya, to a daina gogewa. A fara da kashe wayar a sake kunnawa. Idan bai yi ba, a buɗe manhajar fayiloli a nemi foldar Screenshots. A wasu wayoyi tana cikin Pictures, a wasu kamar Samsung tana cikin DCIM. A gwada ƙirƙirar sabuwar folda a cikinta, sannan a gwada a cikin Download. Idan ta yiwu a Download ta ƙi a Screenshots, an kama mai laifi. Magani mafi sauƙi shi ne a canza wa foldar suna, misali ta koma Screenshots_tsoho, a sake ɗaukar hoto. Wayar za ta ƙirƙiri sabuwa da kanta, tsofaffin hotunanka kuma suna nan a tsohuwar.

Idan an saita hotuna su riƙa zuwa katin memori, sai a tuhumi katin. Katin da ya tsufa ko ya lalace kan koma na karatu kawai: kana ganin abin da ke ciki, amma ba ya karɓar sabo, kuma abin da ka goge sai ka ga ya dawo bayan an sake kunna waya. Wannan kati ba ya gyaruwa. A kwafe abin da ke cikinsa tun yana buɗuwa, a canza wani. Akwai kuma yanayin da hoton ya zauna amma wurin hotuna bai nuna shi ba, saboda wani ɓoyayyen fayil mai suna .nomedia ya shiga foldar, wanda aikinsa shi ne ya ce wa manhajojin hotuna su tsallake ta. Idan ka ga hotonka a manhajar fayiloli amma babu shi a wurin hotuna, ka kunna nuna ɓoyayyun fayiloli ka goge shi.

A kwamfuta ce matsalar izini ta fi yawa, domin Windows tana rubuta wa kowace folda jerin waɗanda za su iya karantawa da waɗanda za su iya rubutawa. Tun daga Windows 8 ta shekarar 2012, danna maɓallin Windows tare da PrtScn yana sa allo ya ɗan dushe, hoton ya tafi Pictures\Screenshots. A lura cewa PrtScn shi kaɗai, a tsarinsa na asali a Windows 10 da waɗanda suka gabace ta, ba ya ajiye fayil. Kwafe hoton kawai yake yi yana jiran a manna shi. Mutane da dama suna neman hoton da ba a taɓa rubuta shi ba.

A ce kwamfutar wani shagon buga takardu ce, inda ake cike wa ɗalibai fom ana ɗaukar hoton shafin ƙarshe. An danna maɓallan biyu, babu hoto. Matakin farko, a buɗe Paint a danna Ctrl da V. Idan hoton ya fito, ɗaukar ta yi, rubutawar ce ta gagara, kuma tun daga nan an tsira da hoton, domin ana iya ajiye shi a Desktop ko a filasha. Na biyu, a buɗe This PC a dubi sandar da ke ƙarƙashin C:. Takan koma ja idan abin da ya rage bai kai kashi 10 cikin ɗari ba, amma ja kaɗai ba hujja ba ce. Faifai mai 256 GB na iya yin ja alhali yana da 20 GB. Lambar da ke rubuce a ƙasa ita za a duba. Idan MB kaɗan ne suka rage, sai a zubar da Recycle Bin, a duba Downloads, a bi Settings, System, Storage a share Temporary files. Saƙon kuskure ma yana rarrabewa: "There is not enough space on the disk" ko lamba 0x80070070 cikar faifai ne, "Access is denied" ko 0x80070005 kuwa izini ne.

A misalinmu a ce akwai 40 GB a buɗe. Sai a danna Windows da R, a rubuta wannan:

```
shell:screenshots
```

Wannan umarni yana kai ka inda Windows take ganin foldar take a yanzu, ba inda kake zato ba. Idan ya buɗe wata folda a cikin OneDrive, hotunan suna can, ba su ɓata ba, sai dai a tuna cewa ajiyar OneDrive ta kyauta 5 GB ce, kuma idan ta cika ba sa hawa sama. Idan kuwa ya ce ba a sami wurin ba, mai yiwuwa wani ya taɓa mayar da foldar Screenshots ko Pictures kan faifan waje, yanzu an zare faifan ko harafinsa ya canza daga E: zuwa F:. Windows tana ta aika hoto adireshin da babu shi. A mayar da faifan, a danna dama a kan foldar, Properties, Location, Restore Default.

Idan foldar ta buɗe a wurinta, a danna dama a ciki, New, Text Document. Idan aka ce kana bukatar izini, a shiga Properties, Security, a duba ko sunan asusunka yana da alama a Modify da Write. Wannan ya fi faruwa bayan an yi wa kwamfuta fomat aka bar tsofaffin foldodi a D:. Izinin yana kan tsohon asusu da ya riga ya mutu, shi ya sa za ka ga Account Unknown da doguwar lamba mai farawa da S-1-5-21. Mai ikon gudanar da kwamfutar zai danna Edit ya ƙara sabon asusun. Ɗan akwatin Read-only da ke shafin General kuwa a ƙyale shi. A kan folda kusan kullum a cike yake bayyana, kana cirewa yana dawowa, kuma ba shi ne ke hana rubutu ba. Na sha ganin ana ɓata dogon lokaci a kansa a banza.

Akwai mai gadi guda da gwajin Text Document ba ya kamawa. A shekarar 2017 Windows 10 ta zo da Controlled folder access, kariya daga muguwar manhajar nan da ke kulle fayilolin mutum ta nemi kuɗin fansa. Idan an kunna ta, manhajojin da Windows ta aminta da su ne kaɗai ke rubutu a Documents da Pictures da Videos da Music. File Explorer amintacce ne, don haka gwajinka zai yi nasara, amma manhajar ɗaukar hoto da ka sauko da ita daga waje, ko wasan kwamfuta, za a iya tare su. Alamar ita ce hanyar Windows tana aiki, ta waccan manhajar tana ƙi, wani lokaci da sanarwar "Unauthorized changes blocked". A shiga Windows Security, Virus & threat protection, Manage ransomware protection, a duba Block history. Idan sunan manhajar yana ciki, a yi amfani da Allow an app through Controlled folder access a ba ta hanya ita kaɗai. Ban yarda da shawarar kashe kariyar gaba ɗaya ba, musamman a shagon da filashar kowa ke shiga, domin irin wannan kwamfutar ce ta fi bukatarta.

Idan kuwa kwamfutar ta ofis ce ko ta makaranta, maɓallan nan na iya kasancewa a dushe ba sa dannuwa, saboda masu kula da na'urorin wurin ne suka tsara haka da gangan. A manna hoton a Paint a ajiye shi inda aka yarda, sannan a rubuta ainihin saƙon kuskuren da sunan foldar a kai wa jami'in da ke da alhakin, wanda zai iya buɗe ta ko ya nuna wata foldar da aka ware don irin wannan aiki.